Yarona ya yi fashin Islamiyya mako guda, me zan rubuta wa Malam?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana mai shekara 9 bai je Islamiyyar yamma ba tun Asabar har Laraba. Kwana uku na farko zazzaɓin cizon sauro ne ya kwantar da shi. Talata ya warware, amma da na miƙa masa jakarsa bayan la'asar sai ya fashe da kuka, wai za a yi masa bulalar fashi kuma an wuce shi a hadda. Na ƙyale shi, Laraba ma haka. Yau Alhamis. Me zan rubuta wa malaminsu kafin Asabar?

Wata uwa: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi. Ki ce bai da lafiya duk makon kawai. Wanda ya tashi daga zazzaɓi ai jikinsa bai gama ƙwari ba, ba ki yi ƙarya ba.

Malamar Islamiyya: Maman yaro, sannu da jinya. Ƙarfin jiki kam gaskiya ne ba ya dawowa rana ɗaya, amma kada ki rubuta haka. 'Yan ajinsu 'yan unguwarku ne. In ya leƙa waje ranar Talata, wani ya riga ya ce "Malam, mun gan shi yana ƙwallo." Daga nan uzurinki na gaba ba zai yi nauyi ba, kuma yaron ya ga Mama ta rufa masa da abin da ba haka ba.

Abin da muke nema a saƙon iyaye kaɗan ne: sunan yaro da ajinsa, ranakun da bai zo ba don a gyara rajista, dalili, da ranar dawowa. Wanda aka fi mantawa shi ne inda haddarsa ta tsaya. Ki zaunar da shi yau ya karanta miki da ka, ki ga ayar da yake tsayawa. A ce ya tsaya a aya ta 10 ta Suratul Fajri, ajin kuma ana ƙara musu aya uku kullum. Kwana biyar aya 15 ke nan, sun kai ta 25, saura biyar su gama surar su shiga Gashiya. Wannan tazarar ce ke sa shi kuka. Ga yadda zan rubuta:

"Assalamu alaikum Malam, da fatan an wuni lafiya, ya ɗalibai? Mahaifiyar Wane ce na aji uku. A yi mana afuwa, ban sanar da wuri ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi Asabar zuwa Litinin. Talata da Laraba ya samu sauƙi, amma ya ji tsoron dawowa saboda an wuce shi a karatu, ni kuma na bar shi a gida, laifin nawa ne. Haddarsa ta tsaya a aya ta 10 ta Fajri. Don Allah a faɗa mana inda aka kai, mu bi masa kafin Asabar. Allah ya saka da alheri."

Kuma ki tura wa Malam shi kaɗai, ba a zauren iyaye ba.

Wani uba: Wane magani aka ba shi? Namu ya sha na kwana biyu, zazzaɓi ya sauka muka daina, bayan mako biyu ya dawo sabo. A tabbata ya shanye na kwana ukun nan duka, safe da dare.

Mai tambaya: Ya shanye, na gode Baba. Malama, na ga ba ki ambaci bulalar ba, ita ce fa abin da ya faɗa da bakinsa.

Malamar Islamiyya: Da gangan na cire, 'yar uwa. A rubuce, kalmar tana fita kamar tuhuma ko da ba ki nufa ba. Da kika ce laifin naki ne, kin riga kin ɗauke hukuncin daga kansa. Sauran maganar babansa ya raka shi ranar Asabar, ya faɗa wa Malam a gefe.

Wata uwa ta biyu: Ni a nan ban bi ki ba, Malama. Maigidana direba ne, sai ya yi mako uku ba ya gari, wa zai raka? Kuma a makarantar 'yata ba malamin aji ke tare 'yan fashi ba, wani ne daban a bakin ƙofa, bai ma san an turo saƙo ba. Haka ta sha bulala huɗu tana fama da jiri. Ni dai zan rubuta ƙarara: "Don Allah a ɗaga masa hukuncin fashi, a kuma sanar da mai kula da ƙofa."

Mai tambaya: Babansa yana gari, amma sai bayan magariba yake tashi daga kasuwa. Zan tura na Malama yanzu, in ƙara layin mai kula da ƙofa. Na saurare shi ɗazu, ashe a aya ta 8 ma yake kakarewa. Ko in raka shi da kaina ranar Asabar?