Juyin mai zamiya a kan ƙanƙara: daga ina ƙarin makamashin ya fito?

Malam Sani, Taura

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Ina neman waɗanda suka taɓa gwada wannan darasi da hannunsu su faɗa mini abin da suka gani. Na nuna wa ɗalibaina bidiyon mai wasan zamiya a kan ƙanƙara, wadda take fara juyawa a wuri ɗaya hannuwanta a buɗe, da ta janyo su zuwa ƙirji sai juyin ya ƙaru ba tare da kowa ya tura ta ba. Na yi bayani cewa angula momentom ɗinta, L = Iω, inda I ke auna yadda nauyin jiki ya bazu nesa da tsakiyar juyi, ω kuma gudun juyi ne, ba ya canzawa, tunda ƙanƙara ba ta riƙe takalminta da wani ƙarfin murɗawa na a-zo-a-gani, saboda haka idan I ya ragu dole ω ya ƙaru. Muka aro kujera mai juyawa daga ofis, wani yaro ya zauna riƙe da robobi biyu da muka zuba wa yashi har kowace ta kai kilo 2, abin kuwa ya faru a gabanmu. Sai wata ɗaliba ta tambaya: idan gudun juyi ya ninka, ai makamashin motsi ya ƙaru, to wa ya bayar da ƙarin? A nan nake son jin yadda wasu suka bi da tambayar.

Malam Garba, Rano

Wa alaikumus salam Malam Sani. Na yi wannan gwaji a aji, kuma amsar da na ba yara ita ce babu wani ƙari. Makamashi ba a ƙirƙirarsa ba a hallaka shi, saboda haka abin da aka rasa da I ya ragu shi aka mayar da ω ya ƙaru, jimilla tana nan yadda take.

Malama Hadiza, Kazaure

Malam Garba, ka'idar da ka ambata gaskiya ce idan aka haɗa dukkan makamashin, har da wanda ke cikin tsokar jiki, amma makamashin motsi shi kaɗai ba ya tsayawa yadda yake, kuma lissafi zai nuna haka. Bari in ɗauki robobin Malam Sani. A ce yaro da kujera, ba tare da robobi ba, suna da I na 1.75 kg·m², wanda ƙiyasi ne na ɗauka domin lissafin ya yi sauƙi. Idan ya miƙe hannuwa kowace roba tana nesa da tsakiyar kujera da mita 0.75, sai robobin biyu su ƙara 2 × 2 × 0.75² = 2.25, jimilla 4.0. Idan ya janyo su zuwa mita 0.25 sai su ƙara 0.25 kacal, jimilla 2.0. I ya koma rabi, don haka ω zai ninka: wanda yake zagaye ɗaya cikin daƙiƙa 2, wato 3.14 rad/s, zai koma zagaye ɗaya cikin daƙiƙa 1, wato 6.28 rad/s.

Makamashin motsi kuwa K = ½Iω² ne, kuma tunda ω yana da murabba'i, ninkinsa ya fi ƙarfin raguwar I. Da farko ½ × 4.0 × 3.14² ya ba da kusan jul 19.7, daga baya ½ × 2.0 × 6.28² ya ba da kusan jul 39.4. Da a ce K ne ba ya canzawa, da gudun bai ninka ba, da ya ƙaru ninki 1.41 ne kawai. Abu biyun ba za su tsaya tare ba, kuma wanda yake tsayawa shi ne L.

Ƙarin kuwa daga hannun yaron ya fito. Roba da ke zagayawa tana buƙatar a riƙa janyo ta ciki da ƙarfi mω²r, inda m nauyin roba ne, r kuma nisanta daga tsakiya, kuma idan ka ja abu ya matso ta inda kake jan sa, ka yi aiki a kansa. Na lissafa ƙarfin a wuri uku: a mita 0.75 kusan nyuton 14.8 ne, a mita 0.5 kusan 20.9, a mita 0.25 kusan 19.7. Matsakaicinsa a tsawon tafiyar kusan nyuton 19.7 ne, kowane hannu ya ja rabin mita, hannuwa biyu, sai aikin ya zama jul 19.7, daidai da ƙarin da muke nema. Ni da na yi gwajin da ɗalibaina mata, na sa kowacce ta fara janyo robobin kujera tana tsaye, sannan ta sake janyowa kujera tana juyawa, kuma ba wadda ba ta ji cewa na biyun ya fi wuya ba.

Bala mai aski, Babura

Ni ba malami ba ne, amma kujerar shagona tana juyawa, kuma yaran unguwa sun daɗe suna wasa da ita idan babu mai aski. Na lura cewa wanda ya miƙe ƙafafu juyinsa yana sanyi, idan ya naɗe su sai ya ƙara sauri. Ni dai a ganina iska ce take tare shi idan ya buɗe jiki, idan ya takure kuma sai iska ta rasa wurin kamawa.

Malam Sani, Taura

Malam Bala, abin da ka gani shi ne ainihin abin da muke magana a kai, sai dai iska ba ita ce sanadi ba. Rage tarewar iska zai iya hana gudu raguwa da wuri, amma ba zai ƙara gudu ba. Ka sa yaro ya naɗe ƙafa, ya miƙe, ya sake naɗewa a juyi ɗaya: za ka ga saurin ya tafi ya kuma dawo, abin da iska ta ci kuwa ba ya dawowa.

Hajiya Binta, Gwaram

Muna yara mukan ɗaura igiya a reshen tsamiya mu yi lilo, wani lokaci mu murɗe igiyoyin biyu sosai, a zauna a sake. Ina tuna cewa idan aka kwanta baya aka miƙe ƙafafu juyin yakan yi a hankali, idan aka dunƙule kuma sai ya yi sauri har jiri ya kama mutum. Shin wannan ma shi ne, ko kuwa igiyar ce take yin aikin?

Malama Hadiza, Kazaure

Hajiya, duka biyun suna ciki, shi ya sa ba na amfani da lilo a aji. Canjin da kika ji nan take da kika dunƙule na raguwar I ne. Amma igiya da aka murɗe tana ci gaba da juya ki tun daga sama yayin da take warwarewa, wato akwai ƙarfin murɗawa daga waje, saboda haka L ɗinki yana ƙaruwa a lokacin, ba tsaye yake ba.

Malam Garba, Rano

Na sake gwadawa, wannan karon na ɗauki bidiyo da waya na duba lokacin kowane zagaye. Da hannuwa a buɗe zagaye ɗaya ya ɗauki kusan daƙiƙa 2, bayan janyowa kusan daƙiƙa 1.2. Lissafin Malama ya ce 1, nawa ya ce kusan 1.4, abin da na samu kuwa yana tsakani. Ban ga dalilin da zai sa a ce nawa ne kaɗai ya faɗi ba.

Injiniya Musa, Bichi

Malam Garba, sakamakonka yana goyon bayan Malama ne, muddin ƙiyasinta na I ya dace da kujerarka. Guga a cikin boris ɗin kujera ragewa kawai yake yi, don haka idan K ne ba ya canzawa, zagayenka ba zai taɓa yin ƙasa da daƙiƙa 1.4 ba. Gudunka ya ƙaru ninki 2/1.2, wato 1.67, ω ya zama 5.24 rad/s ke nan, wanda idan aka sa a ½Iω² da I na 2.0 zai ba da kusan jul 27, sama da 19.7 da aka fara da shi. Na taɓa yin gwajin da tsohuwar kujera wadda boris ɗinta ya sha ƙurar hunturu, tana tsayawa kafin ta cika zagaye uku, kuma a kanta ba a ganin komai sai an fizgo hannu da sauri. Hanyar gane kujerar da ba ta dace ba ita ce a juya mutum ba tare da ya motsa hannu ba, a auna zagaye na farko da na biyu: idan na biyu ya fi na farko tsawo sosai, guga zai ci lissafin.

Akwai wani abu a cikin lambobin Malama da ya ba ni mamaki da na bi su. Gudun roba shi ne ωr: da farko 3.14 × 0.75, wato mita 2.36 a daƙiƙa, daga baya 6.28 × 0.25, wato mita 1.57. Robobin sun rage gudu ke nan, makamashinsu ya sauka daga kusan jul 11.1 zuwa 4.9, yayin da na yaro da kujera ya tashi daga 8.6 zuwa 34.5. Dalili shi ne roba tana shigowa ciki da gudun da ya fi na wurin da ta iso, sai ta yi ƙoƙarin wuce jiki, ta ja hannu gaba ta gefen da ake juyawa, hannu kuma ya murɗa kafaɗa. Da wannan jan na gefe ne jiki yake samun ƙarin juyi, kuma wanda ya zauna a kujerar yana jin sa a gwiwar hannu idan ya kula. A wurin mai zamiya hannuwanta da ƙafar da ta ɗaga su ne robobin.

Malam Sani, Taura

Injiniya, to idan yaron ya sake buɗe hannuwa juyi ya koma na farko, ina jul 19.7 ɗin ya tafi?

Injiniya Musa, Bichi

A lokacin robobin ne suke jan hannuwa waje, tsoka kuma tana riƙe su kamar birki, don haka makamashin ya zama ɗumi a cikin tsoka. Ba ya komawa ma'ajiyar da ya fito, shi ya sa mai maimaita janyowa da buɗewa yake gajiya.

Malam Garba, Rano

Na yarda da maganar guga, amma hujjar Injiniya ta dogara ne a kan 1.75, wanda Malama da kanta ta ce ƙiyasi ne, kuma babu wanda ya sa nauyin hannuwan yaron a lissafi, alhali su ma suna shigowa ciki tare da robobin. Idan I ya ragu fiye da rabi, to 1.4 ɗin nawa ma zai canza. Wa ke da hanyar auna I na yaro da kujera daban, da kayan da za a samu a makarantar ƙauye? Ina tunanin naɗa igiya a jikin kujera a rataya wani nauyi ya ja ta, sai dai kujerarmu ba ta da wurin naɗa igiyar.