Me ya sa POST ke komawa GET bayan an karkatar da adireshi?

Na mayar da manhajar karɓar rajista daga http zuwa https, na sa wannan a nginx:

```
return 301 https://$host$request_uri;
```

Tun daga nan, idan tsohuwar manhajar waya ta aika POST, sai saƙon ya isa a matsayin GET, babu bayanan fom ko ɗaya, kuma sabar ta mayar da 405. Na fahimci cewa 301 da 302 suna ba mai aikawa damar sauya POST zuwa GET, amma 307 da 308 suna tilasta a maimaita POST da bayanansa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tunda burauza tana adana 301 saboda na dindindin ne, shin waɗanda suka riga suka karɓe shi za su ga 308 idan na canza? Don Allah masana, ku taimaka.