Maɓalli biyu na injin matse ƙarfe: abin da muka tattauna a Garwa

To jama'a ga abin da na tsinta a hirarmu ta jiya kan yadda ake kare hannu daga injin matse ƙarfe. Wani makaniki ya ce murfin da aka ɗaure da noti shi ya fi, amma inda dole a riƙa sa hannu ana ciro kaya, sai dai ƙofa mai suwic, ka buɗe inji ya tsaya, kuma ka rufe ba zai tashi da kansa ba sai ka danna maɓallin tayarwa.

Inda muka daɗe shi ne maɓalli biyu da ake dannawa da hannu biyu kafin inji ya matse. Dalili dai hannu biyun su kasance a waje, shi ya sa ake so a danna su tare cikin rabin sakan, ka saki ɗaya inji ya tsaya. Yara kan liƙe ɗaya da salatif wai don sauri, in injin ya yarda ya yi aiki a haka to wallahi haɗin ya lalace. Nisa ma da lissafi, ana ɗaukar hannu na tafiyar mita 1.6 a sakan, in injin na cin rabin sakan kafin ya tsaya, maɓallan su wuce santimita 80 daga bakinsa. Amma fa mai dannawa kawai suke karewa, yaron da ke miƙo kaya a gefe sai an sa masa shinge.