"Shiru ma magana ce": shin ta hau kan malamin da bai amsa gayyata ba?

Sakataren Kwamiti: Assalamu alaikum. Mun aika wa wani farfesa takardar gayyata domin ya gabatar da lacca a taronmu, yau sati biyu babu amsa, kuma saura sati shida a yi taron. Da na ce a tuna masa, sai shugabanmu ya ce "shiru ma magana ce", a ƙyale shi a nemi wani, ma'aji kuwa ya ce wannan karin maganar na nufin ya yarda, don haka a sa sunansa a sanarwa. Har aka ɗaga wa juna murya. Wane ne ya fahimci maganar daidai, kuma yaya ake tuni ba tare da an nuna gajen haƙuri ba?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ma'ajinku ya fi kusa da gaskiya, domin ko a shari'a shirun budurwa izini ne idan an nemi yardarta a kan aure, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim. Da malamin ba ya so, da tuni ya ba da uzuri.

Alaramma Sani: Baban Khalifa, hadisin ingantacce ne, amma ka ɗora shi a inda ba wurinsa ba. An karɓi shirun budurwa ne saboda an tambaye ta ta ji, kuma an san kunya ce ke hana ta furtawa. Asalin ƙa'idar da malaman fiƙihu suke ambatowa daga Imamu Shafi'i ita ce ba a jingina wa wanda ya yi shiru wata magana, sai dai a wurin da buƙatar bayani ta kama shi ya ƙi yi. Kafin shiru ya zama magana, dole a tabbata mutumin ya ji abin da aka ce. Ku kuwa ba ku ma san ko takardar ta isa hannunsa ba, balle ku san ya karanta ta. Sa sunansa a sanarwa a wannan hali ƙarya ce a kansa, kuma idan bai zo ba jama'a za su ce shi ne ya saɓa alkawari, alhali bai ɗauki alkawarin kowa ba.

Malama Hadiza: Na daɗe ina cikin shirya irin waɗannan tarurruka, kuma a ganina shugaba da ma'aji duk sun yi gaggawar fassara. Sati biyu lokaci ne da ya dace a yi tunin farko, bai yi wuri ba kuma bai makara ba. Abin da ke sa tuni ya yi warin gajen haƙuri shi ne 'yan kalmomi ƙalilan, wato "har yanzu ba mu ji daga gare ka ba", da "kamar yadda muka rubuto maka tun ranar kaza", da "muna nan muna jira". Kowace a cikinsu tana lissafa masa laifi ne, kuma mutumin da aka lissafa wa laifi sai ya fara neman uzuri kafin ya ba da amsa, wannan kuwa ƙarin jinkiri ne. A rubuta tunin yadda zai tsaya da ƙafarsa, ta yadda ko bai taɓa ganin takardar farko ba zai iya amsawa nan take, sannan a haɗa masa da kwafinta. Ga yadda zan rubuta da ni ce:

"Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Muna sake gabatar da gayyatar da ke haɗe da wannan saƙo, ko da ta farko ba ta iso ba. Laccar za ta kasance ranar kaza da ƙarfe goma na safe a wuri kaza, tsawon minti arba'in sannan tambayoyi, a kan maudu'i kaza, kuma Malam na iya sauya taken yadda ya ga ya fi dacewa. Za mu miƙa jadawalin taro ga masu bugawa ranar kaza, shi ya sa sanin matsayin Malam kafin ranar zai taimaka mana. Idan lokacin bai dace ba, kalma ɗaya ta wadatar, kuma za mu yi farin ciki da duk wanda Malam ya nuna mana a cikin ɗalibansa ko abokan aikinsa."

Tunda saura sati shida, ku sa ranar miƙa jadawalin ta zama nan da kwana goma, domin a bar wa wanda zai maye gurbinsa aƙalla wata guda na shiri. Ranar ta zama ta gaskiya, kuma a faɗi dalilinta, saboda wa'adin da ba shi da dalili umarni ne, wanda ke da dalili kuwa bayani ne kawai.

Ɗan Maliki: Malama, Allah ya sa malamin ba irin wakilanmu ba ne, waɗanda wasiƙa ba ta isa gare su sai shekarar zaɓe. Su kam shirunsu magana ce mai tsawon shekara huɗu.

Maman Iklima: Wannan ya tuna mini da kakata, Allah ya ji ƙanta. Tana koyar da mata karatu a gidanta, sai ta aika a roƙi wani dattijon malami ya zo ya yi wa ɗalibanta nasiha. Aka yi kwanaki babu labari, matan suka fara cewa ya raina su ne don mata ne. Ita kuwa ba ta sake aika kowa ya tambaye shi ko zai zo ba. Sai ta kira ƙaninta ta ce ya je ya gaishe shi, ya ce masa ta ji gwiwarsa na damunsa, shin idan Allah ya nufa zai zo, ya fi son zama da safe ko bayan la'asar, kuma a tanadi kujera ko ya fi sakewa a ƙasa. Malamin ya yi dariya ya ce bayan la'asar, kuma kujera. Ya zo ya yi nasiharsa, kuma har ta bar duniya ba ta taɓa tambayarsa abin da ya hana shi amsawa da farko ba. Takan ce mana babba ba ya mantuwa, sai dai abubuwa su yi masa yawa, kuma wanda ya tambayi babba dalilin shirunsa ya riga ya rufe ƙofar da yake ƙwanƙwasawa. Ni dai a wurina ita ce ta fahimci karin maganar, domin ta ɗauki shirun a matsayin magana, sai ta amsa masa da ladabi.

Baban Khalifa: To ai maganata ke nan, ta ɗauka ya yarda, kuma ga shi ya zo.

Maman Iklima: A'a, yaya, ba ta sanar da kowa cewa zai zo ba sai da ya furta da bakinsa.

Malama Hadiza: Allah ya ji ƙan Kaka, dabararta ta burge ni, musamman aika mutum da ta yi, domin zuwa da kai ya fi aike, aike kuma ya fi takarda. Amma ina da ja a kan tambayar safe ko yamma. Ta yi aiki ne saboda akwai sanayya a tsakaninsu har ta san ciwon gwiwarsa. Idan baƙo ya rubuta wa malamin da bai taɓa gani ba yana tambayarsa wace kujera yake so, zai ji kamar an yanke masa hukunci ne an bar masa zaɓin wurin zama kawai.

Maman Iklima: Ta ce "idan Allah ya nufa zai zo", Malama, kuma wannan ƙofar fita ce ga mai son fita.

Dakta Bello: Ku bar ni in yi magana daga ɗaya ɓangaren, tunda ni ma ana gayyatata jefi-jefi. Gayyatar da na san ba zan je ba nakan amsa ta da wuri, wadda kuma nake so kuma ranar a sake take, ita ma nan da nan. Wadda take kwana a hannuna ita ce wadda nake so amma akwai abin da bai warware ba, ko dai ina jiran jadawalin jarrabawa, ko izinin tafiya daga shugaban sashe, ko kuma takardar ba ta faɗi wanda zai ɗauki nauyin tafiya da masauki ba, ni kuma ina jin nauyin tambaya. Saboda haka Sakatare ya sake karanta takardarsu ta farko. Idan ba ta ambaci wannan ba, mai yiwuwa shi ne dukan shirun, kuma jimla ɗaya a cikin tunin za ta warware shi. Abin da ba na so shi ne a sako shugabana ko wani babba a cikin saƙon tuni, domin wannan ƙara ce aka kai. Tambayar sakatarensa ko ɗalibinsa na kusa ko takarda ta iso, wannan ba laifi, muddin ba a ce ya matsa masa ba.

Ɗan Maliki: Ashe shirun malamai ma yana da alaƙa da kasafin kuɗi. Bambancinsu da wakilanmu shi ne su kunyar tambaya suke ji.

Abu Ammar: Ni ban ga abin lallashi a nan ba. Amsa gayyata haƙƙin musulmi ne a kan ɗan'uwansa, sai a rubuta masa hadisin a tuna masa, ai tunatarwa tana amfanar muminai.

Alaramma Sani: Abu Ammar, ka rufa wa kwamitin nan asiri. Galibin malamai sun ɗora wajabcin ne a kan walimar aure, lacca kuwa aiki ne da ke cin kwanaki na bincike da rubutu. Wanda ya aika wa malami hadisi a cikin takardar tuni ya tashi daga mai roƙo ya koma mai wa'azi.

Sakataren Kwamiti: Na gode ƙwarai. Na duba takardar, kuma lallai ba mu ambaci tafiya da masauki ba. Idan kwana goman suka cika babu amsa fa, shin shugaba ya yi gaskiya ke nan?

Malama Hadiza: A lokacin sai a aika saƙo na ƙarshe, gajere, a ce jadawali ya tafi wurin bugawa, an fahimci lokacin bai samu ba, ana fatan wata dama a gaba. Sai bayan wannan saƙon a gayyaci wani, domin idan aka gayyaci biyu a kan lokaci guda kuma duk suka amsa, dole a janye wa ɗaya, wanda ya fi kowane tuni muni. Amma kada shugaba ya jira tsawon lokaci kafin ya tanadi sunan na biyun, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Dakta Bello: Ni da za a kira ni a waya sau ɗaya kafin wannan saƙon na ƙarshe da na fi so, domin akwai makon da ba na buɗe saƙonni sam.

Maman Iklima: Kakata ba za ta taɓa rubuta wa malami cewa an rufe jadawali ba, ko da an rufe ɗin. Ƙaninta za ta sake aikawa ya gaishe shi.

Malama Hadiza: Kaka ba ta da masu buga takarda da ke jiranta, 'yar'uwa.