Kuɗi sun shigo a dunƙule, inbois huɗu na jira: wanne zan rufe?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan uwa a taimaka mini da shawara. Ni ke riƙe da littafin bashi a shagon sarin kayan masarufi na kawuna a Babbar Kasuwar Sakkwato. Wani Alhaji da ke ɗaukar kaya zuwa Illela yana da inbois huɗu da bai biya ba: 0412 na ₦480,000, 0419 na ₦315,000, 0427 na ₦462,500, sai 0433 na ₦290,000. Jiya ₦1,250,000 suka shigo a dunƙule, ba bayani, kuma sunan da ya fito ba nasa ba ne, na ƙanensa ne. Na haɗa ta kowace fuska ba su tashi daidai ba. Yaya zan shigar da su?

Hajiya mai atamfa: Wa alaikumus salam ɗana. Mi ad da wuya nan? Tsohon bashi shi aka fara biya. Ka rufe na farko da na biyu, abin da ya saura ₦455,000 ka aza kan na uku, sai ka biyo shi ₦7,500 da inbois na ƙarshe. Haka nike yi tun ban san kwamfuta ba.

Ɗan Tudun Wada: Malam ka tabbata kuɗin sun shigo kuwa? Alat na bogi ya yi yawa. Ni bara wani ya nuna mini a waya, na ba shi buhu shida na sukari, har yau ban sake ganin ƙeyarsa ba.

Mai tambaya: Allah Ya mayar da alheri. Waɗannan sun shigo, a sitatimen na banki na gan su, ba a saƙon waya ba.

Tsohon akawu: Hajiya, lissafinki daidai ne, kuma shi ne abin da ake komawa gare shi idan mai biya ya yi shiru. Amma akwai matakin da ke gabansa. Wanda ake bi basussuka da yawa shi ke da ikon cewa ga wanda na biya. Sai in bai faɗa ba ne mai karɓa ke zaɓa.

Ƙanena, dubi abin da ya sa na ce haka. Ukun farko sun tashi ₦1,257,500, wato kuɗin da suka shigo sun gaza da ₦7,500. Amma in ka tsallake 0419 ka haɗa sauran ukun, ₦1,232,500 suke, wato kuɗin sun zarce da ₦17,500. Duka biyun sun yi kusa, kuma duka biyun abu ne da ɗan kasuwa kan yi. Ko dai ya cike kuɗin ƙasa ya ɗauka ragi ne, ko kuma yana da ƙorafi kan kayan 0419 ya riƙe shi da gangan. Ko wace hanya ka bi, abin da kuke bin sa ₦297,500 ne, ba ya canzawa. Abin da ke canzawa shi ne wace takarda ce a buɗe, kuma a nan rigima take. Ran da ka kira shi ka ce Alhaji saura 0433, shi kuwa a littafinsa ya riga ya soke ta, daga ranar littafinku da nasa sun rabu, kowane biya na gaba sai ya ƙara dagula lissafin.

Don haka yau ɗin nan ka yi abu biyu. Ka yanka rasit guda ɗaya tak na ₦1,250,000 da sunan Alhajin, da ranar da bankin ya nuna, ka rubuta sunan ƙanen a gefe tare da Session ID na tiransifar, lambar nan mai alƙaluma 30. Kada ka raba shi rasit uku don ya dace da inbois. Banki layi ɗaya ya nuna, littafinka ma ya nuna layi ɗaya, in ba haka ba ƙarshen wata za ka zauna kana neman ₦480,000 a sitatimen, ba kuwa za ka same ta ba. Na biyu, ka tura masa jerin inbois huɗun da kuɗin kowace, ka tambaye shi waɗanne ya biya. A rubuce, ko saƙon murya da za ka iya ajiyewa. Kafin ya amsa, kuɗin su zauna a asusunsa a matsayin waɗanda ba a raba ba tukuna. Bashinsa ya ragu, amma ba inbois ɗin da ka rufe.

Mai karatun akanta: Baba akawu, ba zai yiwu harajin nan ne da ake zaftarewa kafin a biya ba? Mu an koya mana duk giɓin da aka gani a fara duba shi.

Tsohon akawu: A duba shi ɗin, ɗana, amma a buga lissafi. Kamfanoni da ma'aikatun gwamnati ne suka fi yin wannan, kuma a kan sayen kaya kashi 2 cikin 100 ne tun farkon 2025. Kashi biyu na ₦1,257,500 ya kama ₦25,150, ina shi ina ₦7,500? Giɓin da ya fito cif-cif haka, ba kwabo ba 'yan canji, hannun mutum ne: ragin da aka yi da baki, ko kwali da ya lalace, ko kuɗin lodi da ya biya ya cire. Cajin tura kuɗi ma bai kai nan ba, ₦53.75 ne ga abin da ya haura ₦50,000, kuma mai turawa ke biya.

Mai shagon siminti a Kara: Ni abin da nike jiye maka sunan ƙanen nan ne. Akwai lokacin da wasu 'yan Gwadabawa biyu sunka turo ta hannun mai na'urar cirar kuɗi guda, rana ɗaya. Yarona ya zuba duka kan mutum ɗaya. Wata biyu muna bin bawan Allah bashin da ya biya, wancan kuma yana ta kwasar kaya. Tun daga nan duk wanda ya turo da sunan wani sai ya aiko hoton rasit ɗin turawa. Ka tambayi Alhaji ko ƙanen nasa ba shi da nasa lissafin a shagonku.

Mai tambaya: Ba shi da shi, na duba. Baba akawu, a Excel nake aiki, ta yaya rasit ɗaya zai rufe inbois uku?

Tsohon akawu: Ka buɗe shafi na uku ka sa masa suna `Rabo`, bayan na inbois da na rasit. Ginshiƙi uku sun isa: A lambar rasit, B lambar inbois, C kuɗin da ka ɗora. Rasit ɗaya sai ya ci layi uku ko huɗu a can. A shafin rasit, in lambar tana A2 kuɗin suna B2, wannan zai nuna maka abin da ba a raba ba:

```
=B2-SUMIF(Rabo!A:A,A2,Rabo!C:C)
```

A shafin inbois kuwa, in shi ma lambar tana A2 kuɗin suna B2, wannan ne sauran bashi:

```
=B2-SUMIF(Rabo!B:B,A2,Rabo!C:C)
```

In ka ga amsa ta fito da alamar ragi, yana nufin ka ɗora fiye da abin da ke akwai, ko ka shigar da layi sau biyu. Kuma kada ka taɓa goge kuɗin inbois don ya dace da abin da aka biya. In ragi ne, kawunka ya sa hannu a takardar ragi mai lambarta.

Mai tambaya: Alhaji ya amsa yanzu. Ya ce 0419 ya riƙe, wai kwalin taliya da yawa sun jiƙe a hanya, kuma ya gaya wa kawu tun ranar. Na rufe 0412, 0427 da 0433. Na ce to ₦17,500 fa? Ya ce cikewa kawai ya yi, in sa su inda na ga dama.

Hajiya mai atamfa: To ka aza su kan 0419 mana, ya koma ₦297,500.

Tsohon akawu: Ni dai da na bar su a gefe, Hajiya, har a ƙirga kwalayen da suka jiƙe. Takardar da ake jayayya a kanta ban so in taɓa ta. Ƙanena, kawun naka ya tuna da maganar taliyar?

Mai tambaya: Ya ce ya tuna an kira shi, amma bai tuna kwali nawa ba ne. Ya tafi Tambuwal ta'aziyya, sai jibi.