In biya ko in mayar musu da takardar? Jimillar ta ƙi haɗuwa

Mai Shago Sabon Gari: Assalamu alaikum. Dila a Legas ya turo min inbois na sabulu katan 40, kowane katan ₦18,500, wato ₦740,000. Ragi kashi 5, ₦37,000. Kuɗin mota zuwa Kano ₦45,000. A layin harajin VAT an rubuta ₦58,875, jimilla ₦806,875. Na riga na ba da kafin alƙalami ₦200,000. Sun ce mota za ta tashi jibi idan kuɗi ya shiga. Na buga lissafin sau uku bai ba ni abin da suka rubuta ba.

Baban Khalifa: ₦45,000 a katan 40? Sun yanke ka. Bai kamata ya wuce ₦700 duk katan ba.

Hajiya Mai Kanti: ₦700 a wace shekarar? Da tsadar gas ɗin nan ko ₦1,300 aka ce maka ba a zalunce ka ba, balle idan har ƙofar shago za a sauke.

Malam Akanta: Wa alaikumus salam. Ku bar maganar mota tukuna, kuskuren yana layin haraji. Harajin nan kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020. Raba ₦58,875 da 0.075, za ka samu ₦785,000. Wannan kuwa ₦740,000 ne da ₦45,000 a haɗe. Ka ga ke nan sun ɗora harajin a kan farashin da ba a cire ragi ba. Ragin da aka rubuta a jikin takarda shi ake fara cirewa, domin harajin yana bin abin da za ka biya ne. Cire ₦37,000, saura ₦703,000. Ƙara kuɗin mota, ₦748,000. Harajinsa ₦56,100, jimilla ₦804,100. Ƙarin da ke kanka ₦2,775 ne, daidai kashi 7.5 na ragin. Amma babbar ɓarakar ita ce ₦200,000 ɗinka da babu layinsa. Abin da ya rage ka biya ₦604,100 ne.

Baban Khalifa: Malam, ai ba a sa haraji a kuɗin mota. ₦52,725 ne kawai, a kan ₦703,000.

Malam Akanta: Da a ce shi ya nemo direbansa ya biya shi daban, kuɗin motar ma ba zai shigo wannan takardar ba, lissafinka ya yi daidai. Tunda dilan ne ya ɗauki nauyin kawowa ya kuma caje shi, yana cikin abin da ya sayar masa.

Sani Singa: Duk kuna ta haraji. Layin farko shi ke kashe mutum. An rubuta min katan, ni na saba da mai guda 48, aka sauke mai 36 a farashi ɗaya. Katan 25, sabulu 300 suka tafi, kuma ba ni da bakin magana don takardar ba ta faɗi adadin cikin katan ba, yarona kuma ya sa hannu a webil, wato takardar shaidar karɓar kaya. Har yau ban ga sisi ba. Idan ba a rubuta nauyin sabulun da yawansa a katan ba, kada ka tura ko kwabo.

Hajiya Mai Kanti: Allah Ya mayar da alheri, Sani. Ni abin da zan ƙara, ka tambaye su ko ragin yana da sharaɗi. Wani ragin na yawan saye ne, wani kuma sai ka biya cikin kwana bakwai ko goma, idan ka wuce su dawo maka da shi bashi. Sannan ka duba sunan asusun banki ya zo ɗaya da sunan kamfanin da ke saman takardar, kuma akwai lambar harajinsu, TIN. Wanda ba shi da ita, wa zai kai wa harajin da ya karɓa?

Ɗan Autan Kwari: ₦2,775 ɗin nan idan ta dawo, a yi mana shayi da ƙwai a wurin mai shayin bakin layi.

Sani Singa: Masu biro da kalkuleta ba su taɓa tsayawa a bayan tirela ana sauke kaya ba. Na kasuwa ya kamata a saurara.

Malam Akanta: Ƙirgen katan naka ne, Sani, ban ja da kai ba. Amma kada ya gyara takardar da biro. Su soke ta su fitar da sabuwa mai sabuwar lamba, ko su ba shi takardar rage bashi ta ₦2,775, kuma kafin alƙalamin ya fito a rubuce da ranar da aka biya.

Mai Shago Sabon Gari: Na gode ƙwarai. Na duba, adadin cikin katan babu shi. To kuɗin 'yan dako fa, yana cikin ₦45,000 ɗin?

Hajiya Mai Kanti: Da wuya. Na lodi a can ne suke sawa, na sauke kai za ka biya. Ga kuma na ƙungiya a bakin tasha, wanda ko rasit ba sa bayarwa, kuma kowane zuwa da farashinsa.

Baban Khalifa: Wannan kam a bar shi. Na jiya daban, na yau daban, idan ka yi magana a ce kayanka su kwana a mota.