Takalmin Kano da ɗan China: shin inganci kaɗai zai riƙe mai saye?

Malam Habu: Jama'a, ni baduku ne, ina ɗinka sandal na 'yan makaranta da fata zalla, ina sayar da ƙafa ɗaya naira 11,000, ga ɗan China na leda ana sayar da shi 4,500 a shagon da ke kusa da nawa. Yayana ya dage cewa babu wata magana da za ta sa mai saye ya bar mai arha, don haka ko in koma leda in karya farashi, ko in rufe shago. Shin gaskiyarsa ce?

Alhaji Sabo: Yayanka ya yi gaskiya, Malam Habu, kuma a idona aka yi irin wannan. Na yi shekaru ina sayar da atamfa a Kantin Kwari, na ga lokacin da 'yar China ta shigo da zane iri ɗaya da ta gida a kan kuɗin da bai kai nata ba, har masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007. Babu wanda ya yi musun cewa atamfar gida ta fi jure wanki, amma matan da ke yabonta da baki su ne suke miƙa kuɗinsu ga mai arha.

Hajiya Rabi: Alhaji, ban musa abin da ka gani ba, amma darasin da na ɗauka daga ciki daban ne. Atamfar gida ta tsaya ne a kan zane da launi, alhali waɗannan su ne abin da ya fi sauƙin kwaikwayo, domin ana iya aika hoton zane a buga shi a can a loda a kwantena. Shawarar komawa leda kuwa ita ce mafi haɗari ga Malam Habu, saboda mutumin da ke yanka da wuƙa yana shafa gam da hannu ba zai taɓa yin arha kamar masana'antar da ke fitar da dubbai a yini ba; zai rasa masu son fata, kuma ba zai samu masu son arha ba. Kalmar "inganci" ma ba za ta cece shi ba, tunda kowane mai shago haka yake cewa, kuma uba ba ya iya ganin ingancin a ranar da yake biyan kuɗi. Abin da nake ganin zai yi aiki shi ne alkawari guda ɗaya wanda mai shigo da kaya ba zai iya ɗauka ba saboda nisansa: "Wannan sandal zai kai ɗanka ƙarshen shekarar karatu, idan ya tsinke kafin nan ka kawo mu gyara kyauta." A rubuta shi a rasit tare da kwanan wata.

Malam Iliya: Ni dai a ganina duk wannan kewaye ne. Gwamnati ce ya kamata ta hana shigo da takalma kamar yadda ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 saboda shinkafa, sannan a wayar wa mutane da kai su riƙa sayen kayan gida don kishin ƙasa.

Hajiya Rabi: Malam Iliya, wannan wata muhawarar ce, kuma Malam Habu ba shi da iko a kanta, shi kuwa kuɗin hayar shago yana jiransa. Kishin ƙasa ba ya cikin lissafin uba mai 'ya'ya biyar, shi ya sa ma wasu masu ɗinkin takalmi a Aba suka daɗe suna buga wa kayansu tambarin Italiya.

Malam Habu: Hajiya, na taɓa yin lissafin da ya yi kama da naki. Idan ɗan China yana ƙarewa a zango ɗaya, uba zai saya sau uku a shekara, wato 13,500, nawa kuwa 11,000 ne sau ɗaya. Na sha faɗa wa iyaye haka, sai su jinjina kai su wuce shagon maƙwabcina.

Alhaji Sabo: Ai dole su wuce. Rarar 2,500 ce kawai, kuma sai bayan wata tara za a gan ta, alhali a makon komawa makaranta uban yana neman kuɗin littattafai da na yunifom a lokaci guda. Ƙari a kan haka, ƙafar ɗan firamare tana girma kafin fatar ta gaji, kuma yaro yana iya yar da ƙafa ɗaya a wajen ƙwallo. Ƙarkon da ba za a mora ba, wa zai biya kuɗinsa?

Hajiya Rabi: Wannan magana taka ita ce mafi nauyi a duk abin da aka faɗa, Alhaji, kuma tana nuna cewa ba alkawarin ne da matsala ba, wanda ake yi wa shi ne ba a zaɓa daidai ba. Ɗan firamaren jeka-ka-dawo ba na Malam Habu ba ne, ya bar wa maƙwabcinsa shi da zuciya ɗaya. Nasa shi ne ɗalibin babbar sakandare a makarantar kwana, wanda ƙafarsa ta kusa tsayawa, wanda kuma idan takalminsa ya tsinke a tsakiyar zango babu kasuwa kusa da shi, sai dai uba ya yi kuɗin mota ko ya nemi ɗan aike. A wajen wannan uban, abin da ake sayar masa shi ne kada a kira shi a waya saboda takalmi, kuma wannan ya fi 2,500 daraja. Haka nan masu babbar ƙafa, lamba 45 zuwa sama ko mai faɗi, waɗanda sau da yawa ba sa samun daidai da su a cikin kwalin da aka shigo da shi, baduku kuwa zai auna ƙafar ya ɗinka cikin kwanaki.

Malam Tanko: Bari in kawo abin da ya same ni, domin na gwada gyara kyauta a Zariya shekaru biyu da suka wuce. Na sayar da ƙafa 100, aka dawo mini da 14. Guda 11 daga ciki matsalarsu ɗaya ce, sol ya ɓanɓare daga gaba, saboda gam kaɗai na sa ban bi da ɗinki ba, damina kuwa ta tona mini asiri. Kowane gyara ya ci mini kusan naira 600, sauran ukun kuma sai da na sake musu sol a kan 2,500 kowanne, jimilla 14,100, wato naira 141 a kan kowace ƙafa da na sayar. Kuɗin bai dame ni ba, kuma da na fara bin gefen sol da ɗinki sai dawowar ta ragu sosai. Abin da ya ba ni wahala shi ne ban faɗi iyakar alkawarin ba, har wani ya zo mini da ƙafa ɗaya yana neman in ɗinka masa 'yar'uwarta kyauta. Yanzu ina rubutawa a rasit cewa gyaran ya shafi tsinkewar ɗinki da ɓanɓarewar sol da karyewar maɗauri, ban da ɓata ko ƙonewa.

Alhaji Sabo: To, na yarda wannan zai yi aiki ga wanda yake sayarwa hannu da hannu a garinsu. Amma yawancin dukawan Ƙofar Wambai da na sani 'yan sari ne suke riƙe da su, masu kai kaya Jos da Maiduguri da Maraɗi. Idan sol ya ɓanɓare a Maraɗi, wa zai gyara? Ɗan sari ba zai ɗauki nauyin alkawarin da ba nasa ba, kuma ribarsa a kan ɗan China tana juyawa da sauri.

Hajiya Rabi: A nan ba ni da cikakkiyar amsa, Alhaji. Ana iya yin yarjejeniya da wani mai gyaran takalmi a kowane gari a riƙa biyansa bisa rasit, sai dai ban san yadda za a hana shi ƙara yawan gyaran da bai yi ba.

Malam Habu: Akwai makarantun kwana guda biyu da ba su da nisa da ni, zan fara da ƙafa 40 a zangon da ke tafe, daga lamba 40 zuwa sama. Malam Tanko, don Allah ɗinkin da kake bi da shi, da hannu kake yi ko da keke, kuma nawa yake ƙara maka a kan kowace ƙafa? Domin idan ya haura naira 500, sai na sake duba farashin 11,000 ɗin kafin in rubuta komai a rasit.